Ina so in nemi dilana ya riƙa ba ni kaya bashin kwana 30, ta ina zan ɓullo masa?

Sani_Provishan:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema. Ina da shagon kayan masarufi a Haɗeja, ina sari a Kasuwar Singa a Kano wajen wani Alhaji, sama da shekara guda kenan duk bayan sati biyu nake yin oda, taliya, sukari, madara, man girki, sabulu da omo, kowace oda tana kamawa kamar miliyan 1.2 kuma kafin a ɗora kaya a mota na riga na yi transfa. To yanzu shagon gefena ya fita na kama shi, kuɗina sun tafi a haya da kanta, ina so in roƙe shi ya riƙa sakar min kaya in biya bayan kwana 30. Ina da rajistar kasuwanci ta hukumar CAC, ina da rasitai duk ban yar ba. Tambayata, in rubuta masa takarda ne ko in je baki da baki? Kuma me zan haɗa masa da zai sa hankalinsa ya kwanta?

Dan_Fagge:
Wa alaikumus salam. Takarda kuma? A Singa? 😂 Malam Sani ka je da ƙafarka bayan la'asar in kasuwa ta ɗan lafa ku zauna. Alhazan nan fuska suke kallo ba fayil ba.

Ummu_Hanif:
Ni dai shawarata ka guji bashin banki wlh, ruwan da suke ɗorawa sai ya cinye shagon gaba ɗaya, ga shi haramun.

Sani_Provishan:
Hajiya ba banki ba ne, wanda nake sari a wajensa ne nake so ya ɗan jinkirta min biya.

Ummu_Hanif:
Au to, afuwan, ban karanta da kyau ba. Allah ya daidaita.

Akanta_Bello:
Malam Sani ni aikina kenan, ina riƙe wa wani dila littafi, irin wannan buƙatar ta tebur ɗina take bi kafin ta kai wajen maigida. Bari in fara da abin da ba ka lissafa ba. Kai a ranka miliyan 1.2 kake nema. Shi kuma ba haka zai ji ba. Ka ce duk sati biyu kake oda. To ranar 1 ga wata ka ɗauki na 1.2, ranar 15 ka sake ɗaukar wani alhali na farko lokacinsa bai yi ba, ya zama 2.4, ranar 29 ka sake ɗauka ya zama 3.6, sai bayan kwana biyu sannan kuɗin farko zai shigo. Wato in ka ce masa "kwana 30" kawai ka yi shiru, abin da ka roƙa shi ne ya bar miliyan 3.6 ɗinsa a Haɗeja. Shi wannan lissafin a ka zai yi shi kafin ka gama magana, sai ka ji ya ce "bari mu gani" kuma shi kenan ba za a gani ba.

Don haka kada ka nemi kwanaki su kaɗai. Ka nemi kwanaki tare da iyaka. Ka ce masa bashin da zai hau kanka a kowane lokaci ba zai wuce kaza ba, duk abin da ya haura wannan kuɗi hannu za ka biya kamar yadda aka saba. Mutumin da ya zo da iyakarsa da kansa ya fi kwantar mana da hankali a kan wanda ya zo da takardu goma.

Sani_Provishan:
Kai! Wlh ban taɓa kallonsa ta nan ba. To iyakar nawa kake ganin zan faɗa?

Akanta_Bello:
Rabin oda ɗaya, dubu 600. Ka biya rabi a take, rabi ya zauna. In ka ɗauki na ranar 1, to odar ranar 15 da ta 29 kuɗi hannu ne gaba ɗaya, sai ka sauke waccan dubu 600 ɗin sannan ƙofa ta sake buɗewa. Ka kuma sa a ranka zai iya cewa kwana 14 zai fara da kai, in ya ce haka ka karɓa kada ka ja.

Mai_Shinkafa_Gml:
Dubu 600 me za ta yi masa a shago biyu don Allah? Ai ciniki ake, ka faɗi da yawa ya rage maka. Ni cewa zan yi miliyan 2 in ya so ya dawo da ni 1.

Akanta_Bello:
@Mai_Shinkafa_Gml wannan a tayin kaya ne yake aiki. A neman bashi in ka faɗi abin da ya fi ƙarfin cinikinka, abin da mai kaya zai karanta shi ne kana cikin matsi.

Mai_Shinkafa_Gml:
To ai yana cikin matsin, shi da bakinsa ya faɗa 😅

Hajiya_Atamfa:
Ni a Kantin Kwari nake sari, shekaru da dama, kuma da bashi na tashi. Abin da zan ce wa ƙanena Sani, rasitan da ka tara suna nuna kana saye ne, ba sa nuna kana biyan bashi. Biyu ne daban. Wanda yake biya kafin a ɗora kaya ba a taɓa gwada shi ba ai. Ka duba ko akwai wanda ya taɓa ba ka kaya ka sayar ka kawo kuɗi, ko mai burodi ne, ko masu kawo lemo da ruwan leda, ko mai ƙwai. Su ne shaidarka. Ka nemi izininsu ka ba Alhajin lambarsu ya kira ya ji da kunnensa. Ni ranar da maigidana na Kwari ya fara sakar min dila guda ba takarda ya duba ba, wata mata da ta riga ni a wajensa ya kira a gabana ya sa a sifika ya ce "Hajiya kin san wance? In ta gudu ke zan kama?" ta ce e. Magana ta ƙare.

Dan_Fagge:
Yauwa Hajiya, abin da nake faɗa kenan. Mai tsaya maka shi ne takardar.

Akanta_Bello:
Hajiya ta yi gaskiya, amma @Dan_Fagge kada ka raina takardar. Alhaji zai ce to a baki, amma yaron da ke rubuta rasit da mai sito da ni da ke bin lissafi ba mu kasance a wajen ba. Ranar da Alhaji ya tafi Umara ka zo ɗaukar kaya, me za ka nuna? A je baki da baki, a bar takarda a kan tebur. Shafi biyu sun isa.

Shafi na farko bayanin kasuwancinka: sunan da ke kan rajista da lambarta, adireshin shago yadda mutum zai iya zuwa ya same shi ba "kusa da kasuwa" kawai ba, shekarar da ka buɗe, asusun da kake biya da shi, lambar wayarka da ta wani na biyu a shagon, sai sunan mai tsaya maka. Shafi na biyu jerin cinikinku da shi na wata shida na baya, kowane layi kwanan wata, lambar rasit, kuɗin, da ranar da transfa ta shiga. Ka tara jimilla a ƙasa. Oda biyu a wata sau miliyan 1.2 sau wata shida, wajen miliyan 14 da ɗoriya kenan. Shi kansa Alhajin mai yiwuwa bai san ka kai haka a wajensa ba, kwastomomi sun yi yawa. In ya ga lambar a rubuce kallon da zai yi maka ya canza.

Abba_Kwamfuta:
Ƙarin bayani kan CAC. Kafin ka rubuta lambar rajista a takarda ka shiga shafinsu na bincike ka sa sunan shagonka ka gani. In ba ka biyan kuɗin sabuntawa na shekara-shekara za ka ga an rubuta INACTIVE a gaban sunan. Kowa zai iya dubawa a waya, kuma akantoci suna dubawa. Gara kada ka ambaci rajistar da a duba a ga haka.

Sani_Provishan:
Hmm. Tun da aka yi min ita ban sake bi ta kai ba gaskiya. Zan duba daren nan.

Mai_Shinkafa_Gml:
Amma dai ai in kana da CAC ko bashi ya ci shago ba za a taɓa gidanka ba ko? Haka wani ya ce min.

Abba_Kwamfuta:
A'a. Wannan na kamfani ne mai lambar RC. Rajistar sunan kasuwanci, wadda lambarta ke farawa da BN, kai da shagon abu ɗaya ne a gaban doka, bashin shago bashinka ne. Ko masu kamfanin ma dila mai wayo sai ya sa mai shi ya sa hannu da sunansa cewa ya ɗauki nauyi.

Singa_Dila:
Na daɗe ina karantawa ban ce komai ba. Ni dila ne, bari in faɗa muku yadda abin yake daga ɓangarenmu don kada a ɗauka rowa ce. Mu kamfani ba ya ba mu bashi, mu ne ma muke zuba kuɗi tun kafin a loda mana tirela, wani lokaci mu yi ta jira kayan ba su fito ba kuɗinmu na can. Ribar da ke kan katan ba ta da yawa, yawan juyawa ne ke riƙe mu. Ku ɗauka a misali kayan miliyan 1.2 na ci kashi 3 cikin ɗari, dubu 36 kenan. Na ba ka kwana 30, cikin kwanakin nan kamfani ya ƙara kashi 5, in na je mayar da irin kayan da na ba ka sai na cika dubu 60. Ka biya ni cif a kan lokaci, ba ka ci amana ba, amma na yi asara. Wannan ba tatsuniya ba ce, bayan cire tallafin mai a 2023 da sakin naira har cikin 2024 mun ga farashi na canzawa tsakanin safe da yamma, da yawanmu a lokacin muka rufe littafin bashi, wasu har yau ba su buɗe ba.

Saboda haka Malam Sani in ka zo min kada ka sa sukari da man girki a cikin roƙon. Waɗannan kamar kuɗi suke, farashinsu ya fi motsi kuma ko ban ba ka ba kafin azahar wani zai ɗauka da kuɗinsa. Ka nemi bashi a kan sabulu, omo, biskit, makilin, irin kayan da suke ɗan zama a sito. A nan ni ma ina da amfani in sun fita.

Sani_Provishan:
Ranka ya daɗe na gode. Sai dai matsalar, su sabulun ni ma a wajena ba sa gudu kamar sukari. Katan ashirin na sabulu sai ya kai ni sati biyar ko shida bai ƙare ba.

Akanta_Bello:
To ka ga inda mutane ke faɗawa rami. In kayan sati shida suke yi kafin su ƙare kai kuma kwana 30 aka ba ka, ranar biya za ta zo kusan kashi ɗaya cikin uku na kayan yana kan kanta. Dole ka ciro daga kuɗin sukari ka cika. Ba laifi ba ne in ka sani tun farko ka tanada, amma ka ɗauki katan goma sha biyu maimakon ashirin. Sannan in kai ma kana ba masu tebura da masu shayi bashi, ka lissafa nasu jinkirin a ciki.

Hajiya_Atamfa:
Wannan ta ƙarshen ita ce ta kusa kayar da ni wata shekara. Na ɗauko kaya bashi na rarraba wa matan unguwa su ma bashi sai bayan sallah, ranar biyan Kwari ta zo ba ni da ko rabi, sai da na sayar da 'yan kunnena na gwal. Kayan bashi ba a bayar da su bashi, ni dai dokata kenan tun daga lokacin.

Malam_Nura:
Jama'a a ƙara da wannan. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan bashi take, kuma umarnin shi ne in an ƙulla bashi zuwa wani lokaci sananne a rubuta a kafa shaidu. Don haka masu cewa rubutu rashin yarda ne su sake tunani. Na biyu, in dila ya ce farashin kuɗi hannu kaza ne, na jinkiri kaza ne da ɗan ƙari, aka tsaya a kan guda ɗaya kafin a rabu, mafi yawan malamai sun halatta. Abin da ba ya halatta shi ne a ce in ka wuce ranar duk sati za a ƙara maka kaza. Wannan kuɗin ruwa ne.

Singa_Dila:
Malam Allah ya saka. To amma in mutum ya wuce rana da sati uku yana ta juya kuɗina ni me zan yi masa? Addu'a?

Malam_Nura:
Ka rufe masa bashi, ka kama mai tsaya masa, ko tun farko ka karɓi jingina. Duk waɗannan an ba ka dama. Ƙarin kuɗi ne dai babu.

Singa_Dila:
To Malam. Mu dai muna gani a kasuwa.

Dan_Fagge:
Ya ba shi cek mai kwanan wata na gaba mana, shi kenan an huta da dogon turanci.

Barista_Z:
Cek yana ƙara wa roƙo nauyi sosai, amma Malam Sani ka san abin da kake sa wa hannu. Bashin kaya zalla maganar kotun farar hula ce, dokar 'yan sanda ta 2020 ma ta hana kama mutum don kawai ya saɓa yarjejeniyar ciniki. Amma da zarar ka karɓi kaya da cek, aka kai banki ya dawo saboda babu kuɗi a asusun, an shiga wani babi, akwai dokar 1977 a kan haka kuma hukuncinta ɗaurin shekara biyu ne babu zaɓin tara. Don haka kada ka rubuta cek a kan kuɗin da kake fatan za su shigo. In ka rubuta, ranar ta matso ka ga ba za ta yiwu ba, ka je tun kafin ya kai banki ku daidaita a rubuce.

Sani_Provishan:
Ni ko littafin cek ba ni da shi ma Barista, asusun ajiya nake amfani da shi, da sunana.

Abba_Kwamfuta:
To in zai nemi takardar bayanin asusu zai ga har kuɗin cefane da na makarantar yara kenan 😄

Akanta_Bello:
Ba sai ya ba da duka ba. In ba a tambaya ba kada ka kai. Jerin transfa da ka yi masa ya wadatar tunda zai iya gwadawa da alat ɗinsa. In ya nace, wata uku ya isa. Amma nan gaba ka buɗe asusun shago daban.

Sani_Provishan:
Ga abin da na rubuta, ku duba min:

"Assalamu alaikum Alhaji, barka da kasuwa. Ina roƙon alfarma saboda halin da na shiga na kama sabon shago kuɗi sun yi min ƙaranci, a taimaka a riƙa ba ni kaya in biya bayan wata ɗaya in Allah ya yarda. Ba zan ba ka kunya ba."

Hajiya_Atamfa:
Ƙanena cire "halin da na shiga" da "kuɗi sun yi min ƙaranci". Gaskiya ce amma ba da ita ake buɗe baki ba. Ka ce ka faɗaɗa shago odarka za ta ƙaru, shi ma gaskiya ne ai.

Akanta_Bello:
Kuma "wata ɗaya" ba rana ba ce. Daga yaushe? Ranar da aka rubuta rasit ko ranar da mota ta sauke a Haɗeja? Mu daga ranar rasit muke ƙirgawa, kwastoma kuma daga ranar da kaya suka iso, in mota ta kwana biyu a hanya rigima ta samu. Ga yadda zan sa shi:

"Assalamu alaikum Alhaji, barka da kasuwa. Kamar yadda ka sani sama da shekara ina sari a wajenka duk sati biyu, kuma kowace oda kafin a loda nake biya. Na haɗo jerin cinikinmu na wata shida da bayanin shagona. Yanzu na ƙara shago na biyu, ina neman ka amince min da jinkirin biya na kwana 30 daga ranar rasit, a kan kayan da ba su wuce naira dubu 600 ba a lokaci guda. Duk abin da ya haura haka zan biya nan take kamar kullum. In ranar biya ta faɗo Lahadi zan biya Asabar. Alhaji wane da ka sani ya yarda ya tsaya min, ga lambarsa. In ka fi so mu fara da ƙasa da haka a gwada, na yarda."

Ka buga shi a takarda, ka kai da hannunka, bayan kun rabu ka tura masa hoton a WhatsApp don ya zauna a wayarsa.

Dan_Fagge:
Layin ƙarshen nan ni ban so shi ba. Kai da kanka ka buɗe masa ƙofar ragewa.

Singa_Dila:
Ni kuwa shi ne layin da zai sa in ce to. Mai cewa a gwada shi ya san zai ci jarrabawa.

Mai_Shinkafa_Gml:
Wai duk wannan wahalar a kan dubu 600. Ni dilana a Dawanau waya kawai nake yi.

Hajiya_Atamfa:
Shekara nawa kuka yi tare kafin ta kai ga waya kawai?

Mai_Shinkafa_Gml:
Tun zamanin mahaifina ne gaskiya.

Singa_Dila:
Abu ɗaya kuma, lokaci. Kada ka zo min da wannan maganar ana saura sati biyu azumi, lokacin layin masu kuɗi a hannu ya kai titi ba wanda zai saurare ka. Ka zo lokacin da kasuwa ta yi sanyi. Sannan in an ba ka, na farkon nan kada ka jira rana ta 30, ka biya a ta 26 ko 27 ka kira ka ce Alhaji a duba alat. In kuma ka ga za ka makara ka kira tun saura kwana biyar ka kawo abin da ya samu. Abin da ke kashe mu shi ne ranar ta yi a kira waya a kashe.

Sani_Provishan:
'Yan uwa na dawo da labari. Na je jiya na kai takardar. Ya karanta jerin cinikin ya kira yaronsa ya ɗauko littafi suka gwada layi uku ko huɗu. Rajistar CAC ko kallonta bai yi ba. Mai tsaya min ɗin ya kira a gabana kamar yadda Hajiya ta ce. Ƙarshe ya ce dubu 400, kwana 14, ban da sukari da mai, in muka yi sau uku lafiya sai a yi maganar kwana 30. Amma ya ce kowane katan na bashi zai ɗora naira 200 a kan farashin kuɗi hannu.

Dan_Fagge:
Na faɗa ai, layin nan ne ya jawo. Da ka yi shiru da 600 ɗin zai bari.

Akanta_Bello:
Ba na jin haka, dama can abin da zai bayar kenan. Ni naira 200 ɗin ce ta tsaya min. Malam Sani nawa kake ci a katan ɗin sabulu? In ribarka 500 ce ya ɗauke kusan rabi a kan kwana 14 kacal, a wannan yanayin gara ka ɗauki kaɗan don dai a buɗe littafin da sunanka, ba don riba ba.

Malam_Nura:
In dai an yanke farashin a wajen aka rubuta shi a rasit ba matsala ta fuskar shari'a. Ko ya yi tsada ko bai yi ba wannan ku 'yan kasuwa kuka sani.

Sani_Provishan:
Ya danganta da irin sabulun, wani 600 wani bai kai ba. Zan zauna da littafi in ware waɗanda za su iya ɗaukar ƙarin. @Singa_Dila ranka ya daɗe, in mun yi sau ukun lafiya, kana ganin in nemi ya cire 200 ɗin ne tukuna ko in nemi kwana 30 ɗin? Don na san duka biyu a zama ɗaya ba zai ba ni ba.

Hajiya_Atamfa:
Ni dai cire kuɗin zan fara nema.

Singa_Dila:
Ni kuma da ni ne kai kwanakin zan nema, sabulu ba ya ƙarewa a sati biyu, kai ka faɗa da bakinka.